Yadda ake daidaita sunayen fomula tsakanin Excel na Turanci da wanda aka fassara

Wanda ya koyi Excel da Turanci, ranar da ya fara zama gaban kwamfutar da aka sa wa Excel na Faransanci ko na Jamusanci, yakan rubuta `=SUM(A1:A10)` kamar yadda hannunsa ya saba, sai ya ga gurbin ya cika da saƙon kuskure irin `#NOM?` na Faransanci a maimakon jimilla. Na sha gyara wa mutane wannan matsala, kuma kusan kullum abin da ke ɗaure musu kai shi ne fayil ɗin da aka aiko musu daga Excel na Turanci yana aiki lafiya lau, amma fomular da suka kwafo daga littafi ko daga saƙo ta ƙi. A nan zan yi misali da Faransanci, domin sunayensa sun yi nisa da na Turanci sosai, amma hanyar ɗaya ce ga Jamusanci da Sifaniyanci da sauransu.

Kayan da ake bukata

Ana bukatar Excel na kwamfuta, wanda ke kan Windows shi ne ya fi sauƙi, da kwafin fayil ɗin da za a yi aiki a kansa, domin ba a gwaji a kan na asali. Ana kuma bukatar Notepad ko makamancinsa, inda za a ajiye fomular a gyara ta kafin a mayar da ita cikin Excel, domin Excel ba ya barin mutum ya fita daga gurbi da fomular da bai gane tsarinta ba. Idan an bar ka ka buɗe tagar VBA a kwamfutar, wato wurin da ake rubuta wa Excel umarni da harshen shirye-shirye, aikin zai ragu ƙwarai, idan kuma an rufe ta, kamar yadda wasu ma'aikatu ke yi, akwai hanyar hannu.

Abin da ya kamata a fahimta tun farko

A cikin fayil na `.xlsx`, tsarin da Excel ke amfani da shi tun 2007, ana ajiye kowace fomula da sunayen Turanci, ko da wane harshe aka rubuta ta. Wanda ke son ya gani da idonsa yana iya canza ƙarshen sunan kwafin fayil daga `.xlsx` zuwa `.zip`, ya buɗe `xl/worksheets/sheet1.xml`, zai tarar da `SUM` a wurin da allonsa ke nuna `SOMME`. Ke nan fassarar riga ce da Excel ke sa wa fomula lokacin nuna ta, kuma da wannan rigar yake sa ran za a rubuta masa sabuwa. Wannan ne ya sa fayil ke tafiya daga harshe zuwa harshe ba tare da matsala ba, amma rubutun fomula da aka liƙa a gurbi ba ya samun wannan gata, domin Excel yana karanta shi ne kamar yanzu ka buga shi da hannunka.

Ba kowane harshe ba ne aka fassara wa sunayen. Excel na Larabci da na Sinanci da na Japananci suna da menu a harshensu, amma `SUM` da `IF` suna nan da Turanci. Don haka ganin menu a wani harshe bai isa hujja ba, sai an gwada.

Mataki na 1: Gano harshen sunaye da alamar rabuwa, kowanne daban

Abubuwa biyu ne ke canzawa, kuma daga wurare biyu suke fitowa. Sunayen ayyukan lissafi suna bin harshen da Office ke nunawa. Alamar da ke raba sassan fomula kuwa, wato waƙafi ko waƙafi mai ruwa, tana bin saitin yanki na Windows, ba ruwanta da harshen menu. Saboda haka ana samun kwamfuta mai sunayen Turanci da waƙafi mai ruwa, ana kuma samun mai sunayen Faransanci da waƙafi. Wanda bai raba waɗannan biyun a kansa ba yakan gyara ɗaya ya yi ta mamakin abin da ya hana ɗayan gyaruwa.

Gwajin farko shi ne ka shiga gurbin da ba kowa, ka rubuta wannan da ƙananan baƙaƙe:

```
=sum(1)
```

Idan Excel ya mayar da shi `=SUM(1)` da manyan baƙaƙe ya ba da 1, sunayen Turanci yake karɓa. Idan ya bar shi da ƙananan baƙaƙe ya nuna `#NOM?`, na Faransanci yake so. Ka riƙe wannan dabara ta rubutu da ƙananan baƙaƙe har ƙarshen aikin, domin duk sunan da Excel ya gane yana ɗaga shi zuwa manya, wanda bai gane ba kuma yakan tsaya yadda yake, ya fito fili a tsakiyar doguwar fomula.

Gwaji na biyu shi ne ka fara rubuta kowane aiki ka buɗe baka, misali `=SI(`, ko `=IF(` idan sunayen Turanci yake karɓa, ka dubi ɗan rubutun da ke fitowa ƙarƙashin gurbin yana jera sassan aikin. Alamar da ke tsakanin sassan ita ce taka. Dalilin bambancin mai sauƙi ne: a yankunan da ake rubuta rabi a matsayin `0,5`, waƙafi ya riga ya sami aiki a cikin lamba, shi ya sa aka ba waƙafi mai ruwa aikin raba sassa.

Mataki na 2: Yanke shawara ko fassara ake bukata ko canza harshe

Idan kwamfutar taka ce kuma duk darussan da kake bi da Turanci suke, ya fi maka sauƙi ka mayar da Office zuwa Turanci gaba ɗaya. A Excel na Faransanci ana bin `Fichier`, sai `Options`, sai `Langue`, a zaɓi Turanci a matsayin harshen nuni, a rufe duk manhajojin Office a sake buɗewa. Idan babu Turanci a jerin, sai an fara saukar da shi. Alamar rabuwa kuwa ana canza ta ne ta danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta `intl.cpl`, a shiga ƙarin saiti, a gyara `List separator` da `Decimal symbol`. A kula kada a sa su zama alama ɗaya, kuma a sani cewa wannan saitin yana shafar yadda Excel ke buɗe fayilolin `.csv` da yadda yake ajiye su.

Excel na kwamfuta ba shi da zaɓin barin menu a fassare a kuma riƙe sunayen Turanci. LibreOffice Calc yana da shi, da sunan `Use English function names`, Google Sheets ma yana da `Always use English function names`, kuma a ganina wannan giɓi ne na gaske a Excel. Idan kwamfutar ta wurin aiki ce ko ta wani, ko kuma abokan aikinka sun saba da sunayen Faransanci, sai a ci gaba da matakan da ke biye.

Mataki na 3: Gyara alamomi kafin a taɓa sunaye

Ga fomular da za mu bi da ita. Akwai shafi mai suna `Maki`, lambar ɗalibi a ginshiƙin A, sunansa a B, makin jarrabawarsa a C. Ana son a nemo makin ɗalibin da lambarsa ke `A2`, a ɗauki kashi 60 cikin ɗari, a mayar da shi cikakkiyar lamba, idan kuma ba a sami ɗalibin ba a rubuta "babu".

```
=IFERROR(ROUND(VLOOKUP(A2,Maki!A:C,3,FALSE)*0.6,0),"babu")
```

Ka liƙa ta a Notepad. Da farko ka mayar da kowane waƙafi zuwa waƙafi mai ruwa, bayan haka ka mayar da ɗigon cikin lamba zuwa waƙafi. Jerin nan yana da muhimmanci, domin idan ka fara da ɗigo, `0.6,0` zai zama `0,6,0`, daga nan ba ka da hanyar bambance waƙafin lamba da na rabuwa, kuma musanya ta gaba za ta ɓata duka biyun. Haka kuma dole a gama da ɗigo kafin a fassara sunaye, saboda sunayen Faransanci da yawa suna ɗauke da ɗigo a jikinsu, kamar `NB.SI` da `SOMME.SI`. Duk abin da ke tsakanin alamun zance, a bar shi yadda yake. Sakamakon wannan mataki shi ne:

```
=IFERROR(ROUND(VLOOKUP(A2;Maki!A:C;3;FALSE)*0,6;0);"babu")
```

Yawanci idan an manta da waƙafi ɗaya, Excel yana ƙin karɓar fomular ya fito da saƙon gargaɗi, kuma wannan alheri ne. Haɗarin yana wurin da waƙafin ya faɗa tsakanin lambobi biyu. A kwamfutar da ke amfani da waƙafi mai ruwa, `=SOMME(1,2)` ba ya ba da 3, yana ba da ɗaya da ɗigo biyu, ba tare da wani gargaɗi ba.

Mataki na 4: Fassara sunayen ɗaya bayan ɗaya, daga ciki zuwa waje

Sassan kowane aiki ba sa canza jeri daga harshe zuwa harshe, adadinsu ma ɗaya ne, sunan kawai ake sauyawa. A fomularmu sunaye huɗu ne: `VLOOKUP` shi ne `RECHERCHEV`, `ROUND` shi ne `ARRONDI`, `IFERROR` shi ne `SIERREUR`, sai `FALSE` wanda shi ne `FAUX`. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa da shi, domin ba ya da baka a gabansa, ido yakan tsallake shi. Ni dai na daɗe da daina rubuta shi a `VLOOKUP`, ina sa `0` a madadinsa, domin aikinsu ɗaya ne a wannan wuri kuma sifili ba ya bukatar fassara.

```
=SIERREUR(ARRONDI(RECHERCHEV(A2;Maki!A:C;3;FAUX)*0,6;0);"babu")
```

Kada ka liƙa wannan gaba ɗaya tukuna, kuma a nan ne nake son a dakata sosai. Aikin `SIERREUR` shi ne ya haɗiye kowane irin kuskure, har da `#NOM?`. Idan ka fassara shi amma ka bar `VLOOKUP` ko `FALSE` da Turanci a ciki, Excel zai karɓi fomular, ba zai nuna kuskure ba, sai dai kowane layi ya fito da "babu", kai kuma ka koma kana binciken lambobin ɗalibai alhali ba su da laifi. Na taɓa ɓata kusan awa guda a kan irin wannan kafin in lura da suna ɗaya da ya tsaya da ƙananan baƙaƙe.

Hanyar kauce wa wannan ita ce a gina fomular daga ciki. Ka fara da `=RECHERCHEV(A2;Maki!A:C;3;FAUX)` ita kaɗai, ka zaɓi ɗalibin da ka san makinsa, a ce 73. Idan 73 ya fito, ka ƙara `*0,6`, ya kamata ka ga `43,8`. Sai ka naɗe ta da `ARRONDI`, ka ga 44. Sai a ƙarshe ka sa `SIERREUR`, ka gwada da lambar da babu ita a jerin, ka tabbatar "babu" yana fitowa a nan kaɗai.

Idan ba ka san sunan wani aiki ba, ka danna Shift da F3, tagar `Insérer une fonction` za ta buɗe, ka zaɓi rukunin da aikin yake, ka gane shi ta sassansa. Aikin da ke karɓar abin nema da tebur da lambar ginshiƙi da zaɓin daidaito, `VLOOKUP` ne ko da wane suna aka kira shi. Shafukan taimako na Microsoft ma suna da kwafi a kowane harshe, kuma idan ka canza `en-us` zuwa `fr-fr` a adireshin shafin wani aiki, za ka sami shafin aikin nan da sunansa na Faransanci. Microsoft ta kuma fitar da ƙarin manhaja mai suna Functions Translator, wadda ke jera sunaye na harsuna biyu gefe da gefe, idan ka same ta a sigarka.

Abin da nake gargaɗi a kansa shi ne dogaro da ƙamus, domin sunayen ba fassarar kalma da kalma ba ne. `MATCH` ya zama `EQUIV`, `MID` ya zama `STXT`, `LEN` ya zama `NBCAR`, babu ƙamus ɗin da zai kai ka wurinsu. Waɗannan da sauƙi, tunda idan ka yi kuskure Excel zai nuna. Masu cutarwa su ne sunayen da suka yi kama da juna kuma dukansu ingantattu ne. `TROUVE` shi ne `FIND`, `CHERCHE` shi ne `SEARCH`, `RECHERCHE` kuma shi ne `LOOKUP`. `FIND` yana bambance manyan baƙaƙe da ƙanana, `SEARCH` ba ya bambancewa, don haka wanda ya musanya su zai sami fomular da ke aiki a yawancin layuka tana kuskure a kaɗan. Haka `NB` da `NBVAL`: na farko shi ne `COUNT` mai ƙirga lambobi kawai, na biyu shi ne `COUNTA` mai ƙirga duk gurbin da ba fanko ba. Tsoffin jerin sunaye ma suna iya yaudara, domin a Excel 2010 na Sifaniyanci an sauya `BUSCARV` zuwa `CONSULTAV`, daga baya aka mayar da tsohon sunan.

Mataki na 5: Idan VBA a buɗe take, bar Excel ya yi fassarar da kansa

Wannan ita ce hanyar da na fi amincewa da ita, musamman ga doguwar fomula, domin tana gyara sunaye da alamomi a lokaci ɗaya. Kowane gurbi yana da fuska biyu a VBA: `Formula`, wadda kullum Turanci ce da waƙafi da ɗigo, da `FormulaLocal`, wadda ke bin harshe da saitin kwamfutar. Ka zaɓi gurbin da kake son fomular ta shiga, ka danna Alt da F11, sai Ctrl da G domin buɗe ƙaramar tagar da ake kira `Immediate`, ko `Exécution` a Faransanci. Ka rubuta layin nan ka danna Enter:

```
ActiveCell.Formula = "=IFERROR(ROUND(VLOOKUP(A2,Maki!A:C,3,FALSE)*0.6,0),""babu"")"
```

A lura cewa alamun zance da ke kewaye da "babu" sun zama bibbiyu, domin duk fomular tana cikin wasu alamun zance. Mantawa da wannan shi ne kuskuren da aka fi yi a nan. Idan ka koma shafin, za ka tarar da fomular da `SIERREUR` da `RECHERCHEV` da waƙafi mai ruwa, komai a wurinsa.

Hanyar tana aiki ta ɗaya ɓangaren ma. Idan kana da fomula ta Faransanci kana son ka tura wa mai Excel na Turanci, ko ka nemi taimako a kanta, ka zaɓi gurbin ka rubuta:

```
?ActiveCell.Formula
```

Turancinta zai fito a layin ƙasa, sai ka kwafa. Ga sababbin ayyuka masu zubo sakamako a gurabe da yawa, kamar `FILTER` da `UNIQUE`, a yi amfani da `Formula2` a maimakon `Formula`, in ba haka ba Excel yana iya saka alamar `@` ya taƙaita sakamakon zuwa gurbi ɗaya. Rubutu a wannan taga ba ya zama a cikin fayil, don haka ba sai an canza shi zuwa `.xlsm` ba, amma Ctrl da Z ba ya mayar da abin da aka yi ta nan, wanda shi ne wani dalilin yin aiki a kan kwafi.

Idan an rufe VBA, mafita ita ce a roƙi mai fomular ya sa ta a gurbi ya aiko da fayil ɗin kansa, ba rubutunta ba. Excel ɗinka zai nuna ta da harshensa.

Mataki na 6: Bincika abin da ke cikin alamun zance

Akwai sashe ɗaya da babu wata hanya daga cikin waɗannan da ke fassara shi, har da aiko da fayil, wato rubutun da ke tsakanin alamun zance. Ga kalma kamar "babu" wannan daidai ne. Matsalar tana tasowa ne idan rubutun umarni ne ga Excel, kuma babban misali shi ne tsarin kwanan wata a aikin `TEXT`. Mai Turanci yana rubuta `"dd/mm/yyyy"`, saitin Faransa yana son `"jj/mm/aaaa"`, na Jamus kuma `"TT.MM.JJJJ"`, domin baƙaƙen farkon kalmomin rana da wata da shekara ne a kowane harshe. Idan fayil mai `=TEXT(A2,"yyyy")` ya isa kwamfuta mai saitin Faransa, sunan zai koma `TEXTE` lafiya, amma a gurbin za a ga baƙaƙen `yyyy` a maimakon shekara. Waɗannan baƙaƙe suna bin saitin yanki ne, don haka canza harshen menu kaɗai ba ya warkar da su.

Idan fayil ɗin zai riƙa yawo tsakanin kwamfutoci masu saiti daban, kada a fassara baƙaƙen, domin gyaran da ya yi wa wannan daidai zai ɓata wa wancan. A gina kwanan watan da ayyukan da Excel ke fassarawa da kansa:

```
=TEXT(DAY(A2),"00")&"/"&TEXT(MONTH(A2),"00")&"/"&YEAR(A2)
```

Tsarin `"00"` ɗaya ne a ko'ina. Irin wannan tarko yana nan a `INDIRECT` idan an ba shi adireshi irin na `"R1C1"`, wanda Faransanci ke rubutawa `"L1C1"`, Jamusanci kuma `"Z1S1"`. Domin gano su, ka danna Ctrl da F, ka sa binciken ya duba cikin fomuloli na duk fayil ɗin, ka nemi `TEXTE(` da `INDIRECT(`, ka karanta abin da ke cikin alamun zancen kowanne.

Mataki na 7: Idan `#NOM?` ya ƙi tafiya

Wani lokaci an fassara komai daidai amma kuskuren yana nan, kuma a nan harshe ba shi da laifi. Ka dubi fomular, idan ka ga suna mai farawa da `_xlfn.`, kamar `_xlfn.XLOOKUP`, ma'anarsa sigar Excel ɗinka ta girmi aikin. `XLOOKUP`, wanda Faransanci ke kira `RECHERCHEX`, yana cikin Excel 2021 da Microsoft 365, amma babu shi a Excel 2016 da 2019, kuma babu sunan da za ka rubuta ya yi aiki a can. Sai dai a sake gina fomular da `INDEX` da `EQUIV`, waɗanda kowace siga ta sani.

Idan babu `_xlfn.`, ka duba sunayen da mutum ya raɗa da kansa. Fomular da aka kwafo tana iya ambaton wani yanki da aka sa wa suna a fayil ɗin asali, wanda babu shi a naka, kuma Ctrl da F3 zai nuna maka jerin sunayen da fayil ɗinka ya sani. Sunan shafi ma ba a fassara shi: idan darasin ya ce `Sheet2!A:C` alhali shafinka `Feuil2` ne, Excel yakan buɗe taga yana neman ka nuna masa wani fayil, sai ka soke ta, ka gyara sunan shafin a cikin fomular ya dace da wanda ke rubuce a ƙasan allonka.